Jakar makarantar da za ta kai ƙarshen shekara: wace ce?

Maman Hanif (Fadamar Mada): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman shawara. Hanif yana aji huɗu a firamare, jakar da na saya masa a watan Satumba ko hutun zangon farko ba ta kai ba. Zif ɗin babban aljihu idan aka ja sai ya riƙa buɗewa ta baya, hannu ɗaya kuma ya fara tsinkewa daga sama, wajen kafaɗa. Ran Asabar zan shiga Wunti in saya masa wata. Me zan duba don kada in sake zubar da kuɗi? Ni dai na gaji wallahi.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki wahalar da kanki, ki nemi ta gwanjo. Sababbin nan kyau ne kawai a ido. Kuma ki tabbata zif ɗin na ƙarfe ne, shi ne ba ya mutuwa.

Anti Rabi (Yelwa): Ni ma matsalata ke nan, yara uku, kowane zango sai an sayi jaka. Ina nan ina saurare.

Malam Sale mai gyaran jaka: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, kafin a je maganar sabuwa, ki duba mini abu biyu a tsohuwar. Haƙoran zif ɗin, akwai inda suka ɓalle ko zaren da ya riƙe su ya warware? Sannan ki juya kan zif ɗin, wato abin da ake ja, ki duba bayansa ko bakinsa, yawanci akwai lamba a rubuce. Ki faɗa mini lambar.

Maman Hanif: Na duba Malam. Haƙoran lafiyarsu lau, irin na roba ne sirara masu kama da murɗaɗɗen zare. Lambar kuma 5 na gani.

Malam Sale mai gyaran jaka: To alhamdu lillahi, zif ɗinki bai mutu ba, kansa ne ya saki. Wannan kan da ake ja, aikinsa ya matse haƙoran hagu da na dama su shige juna. Yau da gobe, ga ƙura ga ja da ƙarfi, sai cikinsa ya cinye, bakinsa na baya ya ɗan buɗe. Daga nan sai ya riƙa wucewa a kan haƙoran ba tare da ya haɗe su ba, shi ya sa kike gani yana buɗewa ta baya. Mafi yawan jakunkunan da ake kawo mini da sunan zif ya lalace, wannan ne ciwonsu.

Gyaransa iri biyu ne. Ana iya mayar da kan zuwa farkon zif, a sa filaya a matse bakinsa na baya kaɗan, gefen hagu sannan gefen dama, a gwada, in bai kama ba a ƙara kaɗan. A hankali nake nufi, domin ƙarfen ba shi da ƙwari, in aka danne shi da zuciya ko ya fashe ko ya cije ya ƙi motsi. Wannan dabara sau ɗaya ko biyu take yi. Gyara na gaskiya shi ne a cire kan a sa sabo mai lamba iri ɗaya, kuma ba ya cin wani kuɗin kirki.

Lambar nan da kika gani faɗin haƙoran ne idan suna rufe, wajen milimita 5. Lamba 5 ta dace da ƙananan aljihuna. Amma babban aljihun da ake cusa littattafai, ki nemi lamba 8, in an samu 10 ma ya fi. Ko ba ki ga lambar ba, ki kwatanta da ido: zif ɗin babban aljihu ya kamata ya fi na ƙananan kauri a fili. In duk girmansu ɗaya kuma sirara ne, an yi tsimin kaya.

Abban Sadiq: Amma Malam Sale ai na ƙarfe ya fi duk waɗannan robobin ko? Wandon jins shekara nawa yake yi da zif ɗinsa?

Malam Sale mai gyaran jaka: Abban Sadiq, a wando kana da gaskiya, don zif ɗin wando gajere ne kuma a miƙe yake. Zif ɗin jaka kuwa sai ya sha kwana biyu a sama, hagu da dama. Haƙorin ƙarfe ɗai-ɗai aka dasa shi a jikin ƙyalle, ba ya son lanƙwasa. Da zarar ɗaya ya karkace ko ya fita a wajen kwanar, to sai dai a farke a sa sabon zif gaba ɗaya. Haka ma mai manyan haƙoran roba masu kama da na zarto, yana da daɗin ja, amma haƙori ɗaya ya karye an gama. Murɗaɗɗen nan irin na jakar Hanif shi ya fi jure kwana, ko ya buɗe ana mayar da shi. Lambarsa ce kawai ta yi ƙanƙanta.

Ummu Khairat: Ni an ce mini in duba wanda aka rubuta YKK a jiki, shi ne mai kyau.

Malam Sale mai gyaran jaka: Kamfanin Japan ne, kuma na ainihi yana da kyau ƙwarai. Sai dai rubutun ba ya wuyar bugawa, jabu ya yi yawa. Kada ki sayi jaka don haruffa uku. Ki ja zif ɗin daga farko har ƙarshe sau da dama, ki ji ko yana cijewa a kwana. Ki rufe shi, ki kama gefe da gefe ki ja kamar za ki raba. In kika ga haske tsakanin haƙoran, ajiye ta. Kuma ki zaɓi mai kai biyu, in ɗaya ya saki ɗayan zai kai yaro ƙarshen mako kafin a kawo gyara.

Hajiya Turai: Salamu alaikum. Tunda ana maganar jaka, 'yata za ta tafi makarantar kwana bayan hutu. Akwatin ƙarfe ya fi ko babbar jaka mai taya?

Anti Rabi (Yelwa): Hajiya, jakar goyo ake magana, ta 'yan firamare. Amma dai ki duba takardar da makarantar ta ba ku, wasu sukan rubuta irin akwatin da suke so.

Hajiya Turai: Au to, Allah Ya ba da haƙuri. Zan duba.

Maman Hanif: Malam na gane maganar zif. To hannun fa? Shi ya fi ba ni tsoro, don in ya tsinke a hanya littattafai ne a ƙasa.

Malam Sale mai gyaran jaka: Nan ne ainihin maganar, Hajiya. Ni in zan sayi jaka, hannu nake fara dubawa kafin komai, saboda zif ana canzawa da araha, amma in hannu ya fita ya tafi da naman ƙyallen baya, gyaran ya zama babban aiki.

Ki buɗe babban aljihu, ki zura hannu ki juyo saman jakar waje, ki dubi inda hannayen suka shiga ɗinki ta ciki. Masu sayarwa ba su cika son haka ba, amma ki yi. Abin da kike nema shi ne bakin hannun ya ratsa ɗinkin ya leƙo ciki da kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, kuma an bi kansa da ɗinki fiye da sau ɗaya. A jaka mai kyau za ki ga wani gajeren ɗinki mai kauri, zare a kan zare, kamar wanda ake yi a bakin aljihun wandon jins. Wasu kuma sukan yi ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya. Mafi kyau duka ita ce wadda aka shimfiɗa faffaɗar igiya mai ƙwari a kwance, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, aka danne hannayen biyu a ƙarƙashinta. Ta haka nauyin yana bazuwa a faɗin bayan jakar, ba ya taruwa a wuri ɗaya.

Mara kyau kuwa, za ki ga layin ɗinki ɗaya tak, bakin hannun da ƙyar ya shiga, gefen ƙyallen kuma a sake yana zubar da zare ba a naɗe shi da komai ba. Irin wannan zaren ɗinkin ma bai cika tsinkewa ba, ƙyallen ne yake zarewa daga ƙarƙashin ɗinkin a hankali har ya kuɓuce. Ki duba ta Hanif, ina kyautata zaton haka za ki gani.

Kada ki manta da ƙasa. Siririyar igiyar da ake ja a daidaita tsawo, ki ga inda ta haɗu da gindin jakar. In an ɗinka ta a kan wani ƙyalle mai kusurwa uku sannan aka haɗa da jiki, ya yi. In kai tsaye aka cusa ta cikin ɗinkin gefe, ba ta daɗewa. Sai maɗaurin robar da igiyar ke bi ta ciki: ki ja igiyar da ƙarfi ki ga ko tana zamewa. In tana zamewa, kullum jakar za ta riƙa sauka har ɗuwawun yaro.

Maman Hanif: Wallahi kamar kana gani. Layi ɗaya ne, ƙyallen duk ya zare, zaren ɗinkin kuwa yana nan daram.

Malama Asabe (malamar firamare): Ku bar ni in sa baki, don ni nake ganin jakunkunan nan daga safe zuwa tashi. Ba duka laifin jaka ba ne. Yaro zai rataya ta a kafaɗa ɗaya, nauyin da aka yi don hannu biyu ya koma kan ɗaya. Ana kaɗa ƙararrawar tashi zai fizgo ta daga ƙasa da hannu guda yana gudu. Wani abokinsa ya riƙe ta ta baya suna ja. Sannan abin da ke ciki. Maman Hanif, don Allah ki auna jakar kamar yadda yake fita da ita da safe, shi ma ki auna shi. Abin da likitoci suka saba faɗa shi ne kada kayan su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro.

Maman Hanif: Bari in aika shagon mai gas na bakin layinmu, yana da sikeli. Hanif dai kilo 26 ne da aka auna shi a asibiti kwanan baya.

Abban Sadiq: Mu da muka yi makaranta da jakar buhu a rataye, wa ya auna mu? Ga mu nan lafiya lau.

Malama Asabe: Abban Sadiq, littafi nawa ne a jakar buhun taka? Yanzu ɗan aji huɗu yana ɗauke da littafin karatu da na aiki a kusan kowane darasi, ga littattafan rubutu, ga ruwa ga abinci.

Maman Hanif: An auno. Kilo biyar da rabi! Inna lillahi.

Malama Asabe: Kin gani ko. Yaro mai kilo 26, kayansa su tsaya tsakanin kilo biyu da rabi zuwa huɗu, kada su wuce. Shi yana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Zazzage ta ki gaya mana me ke ciki.

Maman Hanif: Gorar ruwa ta lita ɗaya cike, kular abinci, littattafan karatu tara, na rubutu sun fi goma, da akwatin kayan lissafi na ƙarfe. Har da littattafan Islamiyya, alhali sai huɗu yake zuwa.

Malama Asabe: Ruwan kaɗai kilo ɗaya ne. Ki cire na Islamiyya ki yi musu 'yar jakarsu daban. Kular ya riƙe a hannu, ko ba don nauyi ba, ranar da miya ta zube a kan littattafai za ki tuna da ni. Sauran kuma a bi jadawalin darasi kowane dare, a ɗauki na gobe kawai. Na san akwai malaman da ke cewa a zo da komai kullum, wannan sai iyaye sun yi magana a taron iyaye da malamai.

Malam Sale mai gyaran jaka: Malama ta taɓo asalin abin da ya kashe zif ɗin. In jaka ta cika ta kumbura, yaro yana jan kan zif yana tilasta masa ya haɗo gefe biyu da suka yi nisa da juna, bakin kan ke nan yake buɗewa. Ko lamba 10 aka sa, in za a ci gaba da cusa kula a ciki, zai saki. A koya wa yaro ya matso da gefen biyu da hannu ɗaya, ya ja da ɗayan.

Kuma yanzu da hunturu ya shigo, ƙura ce babbar abokiyar gaba. A sami tsohon buroshin haƙori a riƙa share haƙoran zif ɗin ranar Asabar, a goga kyandir kaɗan. Kada a sa man gyaɗa ko basilin ko baƙin mai, suna kama ƙura su zama abin da zai ci kan zif ɗin da sauri.

Ummu Khairat: To ni a ganina mai taya ta raba gardama. Ba nauyi a baya, ba maganar hannu. Ita na saya wa Khairat kuma muna jin daɗinta.

Anti Rabi (Yelwa): Ummu Khairat, taki da mota ake kai ta har ƙofar aji. Nawa da ƙafa suke zuwa, layinmu yashi ne da tsakuwa, da damina kuma taɓo. Na taɓa saya wa babbar, tayar ta cika da yashi ta daina juyawa, ta koma jan ta a ƙasa har gindin ya huje. Da ta goya kuma ƙarfen yana dukan bayanta, ga shi ita kanta jakar nauyi gare ta tun ba a sa komai ba.

Ummu Khairat: Haka ne kuma, amma inda akwai daɓe ni dai ban ga aibinta ba. Shekararta ta biyu ke nan.

Injiniya Bala (Gwallaga): Malam Sale, maganar soso fa? Ni nakan zaɓi wadda hannunta ya fi kauri da laushi, ina ganin ita ce ba za ta ci kafaɗar yaro ba.

Malam Sale mai gyaran jaka: Injiniya, laushin nan shi ke ruɗar mutane. Soso iri biyu ne a jaka. Akwai irin na katifa mai huhu, yana da kauri a ido, amma ka matse shi tsakanin babban yatsa da manuni za ka ji yatsunka sun haɗu. Wannan cikin 'yan makonni zai kwanta ya zama ƙyalle zalla, hannun ya murɗe ya koma igiya yana yankar kafaɗa, ga shan gumi. Ɗayan kuma mai tauri ne, irin na silifas, bai kai wancan kauri ba, amma in ka matse yana turo yatsanka, ka saki ya dawo nan take. Shi za ka nema, a hannu da kuma a baya. Faɗin hannun ya kai kamar yatsu uku na babba.

Na baya kuma amfaninsa kada kusurwar littafi ko akwatin lissafi ta soki yaro. Ka sa hannu ɗaya ciki ka danna da ƙullin yatsa, ɗaya hannun a waje, in ka ji tsinin sosai to soson bai isa ba.

Malama Asabe: Sai dai a tuna da zafin Bauchi. A watan Maris da Afrilu yara suna shigowa aji bayan rigarsu sharkaf. Jakar da bayanta ke da raga da ɗan kwari a tsakiya ta fi sauƙi. Mai santsi irin ta leda kuwa ƙuraje take jawowa.

Maman Hanif: Saura gindin jakar Malam. Ta Hanif kusurwa ɗaya ta fara fari-fari.

Malam Sale mai gyaran jaka: Farin nan alamar ƙyallen ya fara cinyewa ne, daga shi sai huji. Jakar yaro a ƙasa take yini, a kan siminti, ana ja ana shuri. Ki nemi wadda ƙyallen gindinta ya fi na jiki kauri, ko aka ninka shi biyu, kuma ya ɗan hauro gefe don kada ɗinkin ya zauna daidai inda ake gogawa. Ki buɗe ta ki ɗaga wa rana, ki leƙa ta ciki. In haske yana ratsa gindin, ba za ta jure ba. Ki kankari cikin da farce kaɗan, in shafen robar yana ɓarewa ki bar ta. Wadda aka yi wa gindi da fatar roba mai ƙyalli tana hana ruwa da farko, amma zafin rana yana fasa ta ta riƙa ɓarewa. Sannan masu zagayen bulala a gefe, in ƙyallen da ya rufe ta siriri ne, a kusurwa yake fara hujewa, robar ta leƙo waje.

Injiniya Bala (Gwallaga): Ni nakan yanka kwali mai kauri in shimfiɗa a ciki.

Malam Sale mai gyaran jaka: Da rani yana taimako, yana hana kusurwar littafi huda ƙasa. Da damina zai jiƙe ya yi wari. Guntun tamfol ko shimfiɗar roba mai laushi ya fi, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi.

Abban Sadiq: Duk abin nan da Malam ya lissafa, a gwanjo ake samunsa. Na dawo kan maganata.

Malam Sale mai gyaran jaka: Sau da yawa haka ne, ɗinkinsu da hannayensu sukan fi. Amma gwanjo ma sai an tona. Wata shafen cikinta ya tsufa yana danƙo ko yana zuba kamar garin alli, wata soson ya riga ya mutu, wata maɗaurin robar ya bushe saura ƙiris ya karye. Kuma yawancinsu na manya ne. Jakar da ta fi bayan yaro faɗi, ta sauko ƙasa da kugunsa sosai, tana ja masa kafaɗa baya, a kan acaɓa kuma igiyoyinta suna lilo kusa da taya. Hajiya ki tafi da Hanif ya goya a gabanki.

Maman Hanif: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya mun shiga Wunti da Hanif. Duk jakar da na ɗauka sai na juyo cikinta, wani mai shago har ya ce Hajiya ko ke tela ce. Masu hoton katun da Hanif ya nace a kansu, duk layin ɗinki ɗaya ne, soson kuma yatsuna suna haɗuwa. A ƙarshe na sami wata baƙa mara ado, zif mai kai biyu lamba 8, da igiyar nan a kwance a kan hannayen, soson mai tauri. Gindinta ne kawai bai gamsar da ni ba, haske yana ɗan ratsawa. Na saya duk da haka, na biya wajen mai gyaran takalmin unguwarmu ya ɗinka mata guntun tamfol ta ciki. Tsohuwar kuma ya sa mata sabon kan zif, ya danne hannun da igiya, ta zama ta Islamiyya. Na sake aunawa da kayan Litinin, kilo uku da ɗan ɗori, kula a hannu. Hanif dai har yanzu yana fushi babu katun.

Malam Sale mai gyaran jaka: Madalla, Allah Ya sa albarka. Ki duba ɗinkin tamfol ɗin, in allurar ta huda har waje, ruwa zai iya bi ta ramukan in an ajiye a jiƙaƙƙen wuri. Ki goga kyandir a kan layin ɗinkin kafin damina.

Abban Sadiq: Allah Ya sa ta kai Yuli. Ta Sadiq ta gwanjo dai tana shekara ta uku.

Anti Rabi (Yelwa): Abban Sadiq kai dace ka yi, ni biyu na saya a gwanjo, ɗaya ta yi ɗaya ba ta yi ba. Malam Sale, ni tambayata daban: 'yar autata tana aji ɗaya, kilo 18 ce, duk ƙananan jakunkunan da na gani masu sirirun zif ne da soson katifa. In saya mata babba mai ƙwari ta girma da ita, ko ƙarama in kawo maka ka ƙarfafa hannun?

Malama Asabe: Ƙarama, Anti. Littafi uku ne da fensir, kada a ɗora mata babba.

Malam Sale mai gyaran jaka: Hannun zan iya ƙarfafawa, zif lamba 5 ma ya ishi kayan 'yar aji ɗaya. Soson ne ba na iya canzawa sai na farke hannun duka, kuɗin aikin kuma zai kusa kuɗin jakar. Ki turo hoton waɗanda kika gani tukuna, ki juyo cikin wajen kafaɗa ki ɗauka kusa-kusa.